Wasiƙar tayin maƙala zuwa ga editan lafiya

Wasiƙar tayin maƙala gajeren saƙo ne da marubuci mai zaman kansa ke aika wa edita, galibi ta imel, yana neman a ba shi fili ya rubuta maƙala guda ɗaya a matsayin baƙo. Marubucin ba ma'aikacin gidan ba ne, ba ya karɓar albashi a wurinsu, sau da yawa ma editan bai taɓa jin sunansa ba. Abin da yake turawa bayanin maƙalar ne tun kafin a rubuta ta: me za ta ƙunsa, daga ina za a samo hujjojinta, tsawonta nawa, yaushe za ta kammala, kuma me ya sa shi ne ya dace ya rubuta ta. A al'adar aikin jarida irin wannan wasiƙa ba ta cika wuce kalmomi ɗari biyu zuwa ɗari uku ba, domin edita kan karanta ta ne a tsakanin wasu ayyuka, wani lokaci ma a kan waya.

Dalilin da ya sa ake fara tayi kafin rubutu a fili yake. Marubucin da ya shafe mako biyu yana bin likitoci da iyaye mata, sannan ya tarar gidan sun buga irin labarin watan jiya, ya yi asarar lokaci da kuɗin mota. Shi kuma edita ya fi son ya sa baki tun abu yana ɗanye, ya ce a rage nan, a ƙara can, a nemo wane. Akwai gidajen da suka fi son a turo cikakken rubutu, musamman idan gajeren sharhi ne na ra'ayi, kuma sukan faɗi haka a ƙa'idojin da suke wallafa wa masu turo rubutu. Amma maƙalar da ke buƙatar bincike da hira, da tayi ake fara ta.

Editan lafiya yana da wani nauyi da editan wasanni ko na nishaɗi ba su da shi. Kuskure a sakamakon wasa abin gyara ne gobe. Kuskure a yawan maganin da za a ba jariri kuwa yana iya kai wani gida asibiti kafin gyaran ya fito. Saboda haka tambayoyi biyu ne ke zuciyar editan yayin da yake karanta wasiƙar baƙo: shin akwai labari a nan, kuma shin za a iya damƙa wa wannan mutum amanar lafiyar masu karatu? Ba ya iya amsa ta biyun da abin da marubuci ya faɗa game da kansa. Yana amsa ta ne da yadda wasiƙar kanta ta riƙe gaskiya, kamar yadda mai sayen zuma ke yanke hukunci kan tulu duka daga ɗan abin da aka lakato masa a tsinke. Idan adadi ɗaya da ke cikin wasiƙar ba shi da tushe, editan zai ɗauka haka maƙalar za ta kasance, kuma yana da gaskiya.

Aikin yana farawa ne da karanta gidan da za a rubuta wa. Marubuci kan duba abin da suka buga a watannin baya, ya lura da tsawon maƙalunsu, da irin masu karatun da suke yi wa magana, ko iyaye ne a gida ko ma'aikatan jinya, da kuma ko suna karɓar rubutun wanda ba ma'aikacin lafiya ba. Sai ya nemo wanda ke riƙe da sashen lafiya da sunansa. Wasiƙar da aka tura wa adireshin kamfani na gaba ɗaya kan kwana a akwatin da ba mai buɗewa, wadda kuma aka tura wa editoci goma a lokaci guda, sunayensu jere a layin `To`, kowannensu zai bar wa ɗan uwansa.

Daga nan sai abu mafi wuya, wato mayar da fage ya zama labari. Zazzaɓin cizon sauro fage ne. Najeriya kaɗai na ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, kamar yadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan suka nuna, don haka babu editan lafiya a ƙasar Hausa da bai gaji da wasiƙun da ke cewa "ina so in yi rubutu a kan illar zazzaɓin cizon sauro" ba. Irin wannan jimla ba ta gaya masa komai, domin duk wanda ya iya rubutu zai iya faɗinta. Labari kuwa yana da iyaka: wasu mutane ne takamaimai, a wani lokaci, da wata matsala da mai karatu zai iya yin wani abu a kai.

Za a iya ganin yadda ake wannan taƙaitawa da misalin wata marubuciya a Katsina da ke son yin rubutu kan maganin rigakafin da ake raba wa yara gida-gida a lokacin damina. Kafin ta rubuta ko kalma ɗaya ga edita, dole ta san yadda shirin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan rigakafi a 2012 domin yankin Sahel, inda mafi yawan zazzaɓin shekara ke taruwa a cikin 'yan watannin ruwa, kuma a Najeriya an fara gwada shi a jihar Katsina a 2013. Ana ba yara daga wata uku zuwa wata 59, wato waɗanda ba su cika shekara biyar ba. Magunguna biyu ne ake haɗawa, salfadoksin-firimitamin da amodiyakwin, ana maimaita su duk bayan kwana 28, zagaye huɗu a damina, a wasu wuraren da ruwa ke daɗewa kuma biyar. Gwaje-gwajen da hukumar ta dogara da su sun nuna yana hana kusan kashi 75 cikin ɗari na kamuwa da zazzaɓin a lokacin da ake shan sa.

Duk wannan bayani ne da editan ya riga ya sani. Inda labarin yake shi ne a tsarin shan maganin. Kowane zagaye na kwana uku ne. A rana ta farko mai rabo kan ba yaro magungunan biyu a gabansa, ya ɗan jira ya ga ko zai amayar, ya cika kati, ya wuce gida na gaba. Sauran ƙwayoyin amodiyakwin guda biyu a hannun uwa ake barin su, ɗaya gobe, ɗaya jibi, ba mai sa ido. Idan ba a sha su ba kariyar ta ragu. Marubuciyar da ta zauna da mata a tsakar gida ta ji abin da ke faruwa da waɗannan ƙwayoyi biyu tana da abin da editan ba zai samu a cikin rahoton ofis ba. Wasiƙarta za ta iya kasancewa kamar haka, da wannan take a layin `Subject`:

> Tayin maƙala: ƙwayoyi biyun da ake bar wa uwa a rigakafin zazzaɓin damina
>
> Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki.
>
> A duk zagaye na rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina, masu rabo kan ba yaro kason rana ta farko a gabansu, su bar wa uwa ƙwaya biyu ta ba shi gobe da jibi. A daminar bara na zauna da iyaye mata a wasu unguwannin Katsina, sai wasu suka ce mini sun ajiye ƙwayoyin sai ranar da yaro ya yi zazzaɓi, wata kuma ta ce ta ba yayansa ɗan shekara bakwai guda ɗaya don kada a bar shi haka. Ina so in rubuta maƙala mai kalmomi kamar 900 a kan abin da ke faruwa da waɗannan ƙwayoyi biyu, da abin da ya kamata uwa ta yi idan yaro ya amayar ko ya ƙi sha.
>
> Zan dogara da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012 da sabuntawar da aka yi mata a 2022. Wata ma'aikaciyar lafiya mai duba masu rabo ta amince ta yi magana da sunanta, wani likitan yara kuma ya yarda ya duba duk bayanin magani kafin in miƙo. Iyaye mata uku sun yarda a kawo maganarsu. Ba zan sa sunan yaro ko hotonsa ba.
>
> Na ga bayanin da kuka buga a kan gidan sauro a watan Afrilu, amma ban ga kun taɓo wannan ɓangaren ba. Idan kun amince zan miƙo ta cikin kwana goma, don ta fito kafin zagayen farko na bana.
>
> Ni marubuciya ce mai zaman kanta, ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. Ba na aiki da wata ƙungiya ko kamfani da ke cikin shirin, kuma ba wanda ya biya ni. Na sa adireshin rubuce-rubucena biyu na baya a ƙasa. Na gode, a huta lafiya.

Taken wasiƙar ya yi aiki biyu. Kalmomin farko sun nuna wa edita irin saƙon da ya shigo, ta yadda zai iya nemo shi bayan mako guda, sauran kuma sun ba shi labarin a dunƙule. Take irin su "Neman alfarma" ko "Gaisuwa" ko "Da gaggawa" ba sa nuna komai, na ƙarshen ma yakan yi kama da saƙon 'yan damfara. Gaisuwar layi ɗaya ce. Bahaushe ba ya faɗa wa mutum magana ba sallama, kuma wasiƙar da ta tsallake gaisuwa za ta yi tsauri a kunnen editan da ya girmi marubuci, amma gaisuwar da ta kai sakin layi guda, ana tambayar iyali da sanyi da gajiya, ta zaure ce. Marubuciyar ta ce Hajiya domin ta bincika ta san haka ake kiran editar, ta kuma yi amfani da "kun" maimakon "kin", wanda ya haɗa girmamawa da nufin gidan gaba ɗaya. Inda ba a san laƙabi ba, Malam ko Malama ya wadatar. Kiran mutum Dakta alhali ba shi ba ne, ko kiran mace Malam saboda ba a duba ba, ƙaramin kuskure ne da ke nuna irin binciken da za a yi wa maƙalar.

Sakin layi na farko shi ne ya fi kowane nauyi, kuma abin lura shi ne bai fara da marubuciyar ba. Ya fara da abin da ke faruwa a ƙofar gida, sannan ya kawo abin da ta ji da kunnenta. Uwar da ta ba yayan yaro ƙwaya guda don kada a bar shi haka ba sakarci ta yi ba, adalci take nema tsakanin 'ya'yanta, kuma editan da ya karanta wannan jimla ya riga ya hango maƙalar da ba za ta zagi iyaye ba. Haka kuma marubuciyar ta tsaya inda saninta ya tsaya. Ta ce "wasu suka ce mini", ba ta ce yawancin matan Katsina ba sa ba da maganin ba. Hira da mata kaɗan a unguwa tana nuna cewa abu yana faruwa, ba ta nuna yawan faruwarsa. Edita mai ƙwarewa yana lura da wannan bambanci nan take, kuma shi ne wurin da yawancin sababbin marubuta ke zamewa, domin babbar magana ta fi daɗin faɗi.

Sakin layi na biyu yana amsa tambayar amana. Bambancin "zan tuntuɓi masana" da "wani likitan yara ya yarda ya duba" shi ne na farko buri ne, na biyu kuma aiki ne da aka riga aka yi. Wannan na nufin marubuci kan yi wani kaso na aikin kafin ya san ko za a karɓa: ya buga waya, ya je asibitin unguwa, ya sami amincewar mutum biyu ko uku. A wasiƙar gaske za a rubuta sunan likitan da inda yake aiki, idan ya yarda, domin editan ya iya tabbatarwa. Duba bayanin magani da likitan zai yi yana da dalili na musamman a wannan labari. Akwai yaran da ba a ba su wannan rigakafi, kamar wanda ke cikin zazzaɓi a ranar rabo, wanda ake turawa a yi masa gwaji a ba shi maganin warkarwa, da wanda jikinsa ya taɓa ƙin ɗaya daga cikin magungunan. Kason jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ma ya bambanta da na wanda ya haura. Maƙalar da ta manta da waɗannan za ta iya cutarwa duk da kyakkyawar niyya.

Maganar adadi tana buƙatar a ɗan daɗe a kanta, domin a nan ne edita ya fi saurin kama wanda bai yi aiki ba. A ce marubuci yana son nuna girman matsalar, sai ya rubuta cewa kashi 42 cikin ɗari na ƙananan yaran Najeriya na ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu. Adadin gaskiya ne, amma na binciken ƙasa na 2010 ne. Binciken 2015 ya sami kashi 27, na 2021 kuma kashi 22. Wanda ya kawo tsohon adadi ba tare da shekara ba ya ninka matsalar kusan sau biyu, ya kuma shafe ci gaban shekara goma sha ɗaya ba tare da ya sani ba. Sannan adadin ƙasa yana ɓoye bambancin jihohi: a binciken 2021 ɗin nan jihar Kebbi ta kai kashi 49. Saboda haka duk adadin da zai shiga wasiƙa sai ya zo da abu uku, wa ya ƙirga, a wace shekara, kuma su wa aka ƙirga. Marubuciyar Katsina ba ta sa adadi ko ɗaya na yawan cuta a wasiƙarta ba, kuma hakan bai rage ta da komai ba, tunda labarinta ba a kan yawan cutar yake ba. Adadi guda da aka ɗauko daga asalin rahoto ya fi biyar da aka tsinto a saƙonnin da ake yaɗawa a waya.

Lokaci ma hujja ne. Rabon maganin kan fara ne wajen Yuni ko Yuli, don haka wasiƙar da ta isa a watan Mayu ta zo daidai, wadda ta isa a Oktoba kuwa sai dai a ce a jira baɗi. Fannin lafiya yana da kalandarsa. Sanƙarau na tashi ne a watannin rani da zafi, amai da gudawa sun fi yawa da damina, ga kuma ranakun da duniya ta ware, kamar 24 ga Maris na tarin fuka, 25 ga Afrilu na zazzaɓin cizon sauro, 19 ga Yuni na amosanin jini, da 14 ga Nuwamba na ciwon sukari. Editoci kan tsara abin da za su buga a irin waɗannan ranaku makonni kafin su zo, mujallar wata-wata ma fiye da haka. Wanda ya aiko tayi ana jibi ranar ya makara.

Sakin layi na ƙarshe gajere ne, amma jimlolinsa biyu suna da muhimmanci ƙwarai. Faɗin cewa ita ba ma'aikaciyar lafiya ba ce bai rage mata daraja ba, ya dai gaya wa editan irin dubawar da rubutun zai buƙata. Wanda yake likita ne ko ma'aikacin jinya ko mai harhaɗa magunguna sai ya faɗa, ya kuma tsaya a fanninsa. Faɗin cewa ba wanda ya biya ta kuwa amsa ce ga zargin da editan bai furta ba amma yana ransa. Kaso mai yawa na tayin da ke shigo wa editocin lafiya talla ce da aka yi wa rigar maƙala. Alamunta sanannu ne: marubuci ya ce ba ya son ko kwabo, sharaɗinsa kawai a bar sunan wani kamfani ko adireshinsa a cikin rubutun, ko ya jero take biyar da ba su da alaƙa da juna ya ce a zaɓa, ko maƙalar ta zagaya ta zagaya ta sauka a kan wani magani guda da ake cewa yana warkar da hawan jini da basir da ciwon sukari a lokaci ɗaya. Irin waɗannan kan kafa hujja da cewa maganin na da lambar NAFDAC. Edita ya san cewa lambar da hukumar ke fara ba magungunan gargajiya tana nufin an duba cewa ba su da illa bayyananna ne, ba shaida ba ce cewa suna warkar da abin da aka rubuta a kwalba, shi ya sa ake buƙatar a rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Marubucin da ke da wata alaƙa da abin da yake rubutu a kai, ko aiki ne ko kuɗin tafiya da wata ƙungiya ta biya masa, gara ya faɗa da bakinsa a wasiƙar farko. Sau da yawa edita zai karɓa tare da sanar da masu karatu. Idan kuwa daga baya ya gano, ƙofar ta rufe.

Sirrin marasa lafiya shi ne ɗaya abin da ke kashe tayi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta sa bayanin lafiyar mutum ya zama sirri, ba a bayyana shi sai da amincewarsa a rubuce ko bisa wasu dalilai da doka ta ƙayyade, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Marubucin da ya liƙa hoton katin asibitin wani ko hoton yaro a gadon jinya a cikin wasiƙarsa don ya burge edita ya nuna akasin abin da yake so. A garuruwanmu kuma ɓoye suna kaɗai ba ya isa. Idan aka ce matar wani mai unguwa a ƙauye kaza mai 'ya'ya shida, kowa ya san ta. Ga cututtukan da ake ƙyamar masu su, kamar yoyon fitsari ko ƙanjamau ko taɓin hankali, wannan sakaci na iya raba aure. Jimla ɗaya a wasiƙa da ke nuna an nemi izini, kuma an yi tunanin yadda za a kare mutane, tana kwantar wa edita hankali fiye da jerin lambobin yabo.

Game da rubuce-rubucen baya, biyu ko uku sun isa, kuma an fi son adireshinsu a cikin saƙon maimakon fayil da aka liƙa, domin mutane da yawa ba sa buɗe fayil daga baƙo, manyan fayiloli kuma na iya jefa saƙo cikin akwatin `Spam`. Wanda bai taɓa wallafa komai ba kada ya cika wasiƙa da ban haƙuri. Zai iya cewa a shirye yake ya rubuta maƙalar a duba kafin a yanke shawara, ko ya sa sakin layinta na farko a ƙasa.

Bayan an aika, shiru ne amsar da aka fi samu, kuma ba lallai yana nufin ƙi ba. Abin da aka saba shi ne a jira mako ɗaya zuwa biyu, sannan a tura tuni na layi biyu a ƙarƙashin saƙon farko, don editan ya ga komai wuri guda. Idan labarin na da wa'adi, kamar wannan na damina, ya halatta marubuciya ta ce idan ba ta ji komai ba zuwa rana kaza za ta kai shi wani gidan. Tuni ɗaya ya isa. Bin edita da kira a lambarsa ta gida da daddare, ko aika masa wani babba ya yi magana, na iya samar da amsa, amma ba irin wadda ake so ba. Kai labari ɗaya gidaje biyu a lokaci guda kuma ba laifi ba ne idan an sanar da kowannensu, sai dai wasu editoci ba sa so, kuma ranar da biyu suka amince dole a janye daga ɗaya nan take.

Idan amsa ta zo da amincewa, akwai abubuwan da ya kamata a daidaita a rubuce kafin a fara: tsawon maƙala, ranar miƙawa, ko akwai biya da nawa ne da lokacin biyan, wa zai ɗauki kuɗin mota, da kuma ko marubuci na da damar sake buga rubutun a wani wuri ko fassara shi. Maƙalar baƙo a gidaje da yawa ba a biyan ta, ladanta shi ne sunan marubuci da ɗan bayaninsa a ƙasa. Wanda rubutu ne sana'arsa yana da haƙƙin tambaya, kuma lokacin tambayar shi ne bayan edita ya nuna sha'awa, kafin a fara aiki. Kunyar maganar kuɗi a wannan mataki ita ke haifar da ɓacin rai bayan an buga. Ya kamata kuma marubuci ya nemi a nuna masa rubutun bayan an tace shi, domin a wajen rage tsawo ne jimla irin "ban da yaron da ke cikin zazzaɓi" ke iya faɗuwa ba da gangan ba.

Wani lokaci bincike kan saɓa wa tayin. Marubuciyar Katsina na iya komawa unguwannin ta tarar yawancin matan da ta sake zantawa da su suna ba da ƙwayoyin daidai, matsalar da ta fi damun su kuma ita ce masu rabo na zuwa lokacin da suke gona ko an tafi da yara unguwa. A nan abin da ya wajaba shi ne ta sanar da editar tun kafin wa'adi ya cika, ta bayyana abin da ta samu, su sake tsara maƙalar tare ko su ajiye ta. Editoci sun saba da haka, domin sun san an rubuta tayi ne kafin a gama bincike. Abin da ba sa yafewa shi ne a tanƙwara maganar mutane don ta dace da alkawarin da aka yi a wasiƙa. Tare da maƙalar da aka kammala, marubuci kan miƙa wa edita jerin inda ya samo kowane adadi da lambobin waɗanda ya yi hira da su, don mai tantancewa ya bi sawu, kuma waɗannan lambobi na ofis ne kawai, ba a buga su.